Maganar da Ba a San Mai Ita Ba: Yadda Ake Kafa Hujja da Ita a Kundi ko Rahoto

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya kama, shagunan buga takardu na cikin Gumel sukan cika maƙil. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi, ga kuma 'yan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar masu karatu a Dutse da Kafin Hausa da Kano, kowa riƙe da babi na biyu yana jiran layi. Duk wanda ya saba duba irin waɗannan kundaye ya san wasu jimloli huɗu da ba sa ɓacewa: "masana sun ce", "wani masani ya ce", "tarihi ya nuna", da "bincike ya tabbatar". Idan ka tambayi ɗalibin wane masani ne, amsar ɗaya ce: "Malam, haka na gan ta, babu suna." Haka abin yake a rahotannin sakatariyar ƙaramar hukuma da na ƙungiyoyin ci gaban gari.

Sau da yawa ɗalibin gaskiya ya faɗa, maganar babu suna a jikinta. To amma rashin suna bai mayar da ita ta mai tsintuwa ba. Ƙa'idar kuwa guda ce: idan ba ka san wanda ya fara faɗin magana ba, ka san inda kai ka same ta, kuma wannan wurin shi za ka ambata dalla-dalla, yadda wani zai iya bin sawunka ya je ya gani da idonsa.

Hanyoyi uku da ake ɓata aiki

Ta farko ita ce haɗiye maganar. Ɗalibi ya kwafe sakin layi guda daga wata tsohuwar takarda, ya cire alamar zancen wani, ya jera shi cikin nasa kalaman. Wannan satar fasaha ce, ko an san mai maganar ko ba a sani ba, domin laifin yana ga nuna wa mai karatu cewa kai ka tsara abin da ba kai ka tsara ba.

Ta biyu ta fi muni, wato ƙaga wa maganar uba. Ɗalibi ya ji an ce dole kowace magana ta zo da suna da shekara, sai ya laƙaba mata sunan wani fitaccen malami da shekarar da ta zo masa a rai. Satar fasaha kan tauye haƙƙin mutum guda, amma wannan ƙarya ce da aka shigar cikin ilimi. Kundin yana zuwa ɗakin karatu, na baya su kwafa, cikin 'yan shekaru maganar ta zama ta wanda bai taɓa jin ta ba. Mun ga yadda aka cika wayoyi da barkwancin da aka jingina wa Robert Mugabe alhali bai faɗa ba, haka kuma ake yi wa Sardauna da Malam Aminu Kano da Sayyidina Ali. Hoton mutum da rubutu a gefensa ba hujja ba ne.

Ta uku ita ce bai wa ɗan aike abin da ba nasa ba. Wanda ya fassara littafi, ko ya tattara karin magana, ko ya kawo maganar wani a cikin littafinsa, isar da saƙo ya yi. Idan ka ce shi ya faɗa, ka yi kuskure ko da niyyarka mai kyau ce.

Fara da cigiya

Malaman fiƙihu sun ce mai tsintuwa yakan yi cigiya har shekara guda. Mai kundi ba shi da shekara, amma yana da yini ɗaya ko biyu, kuma yawancin maganganun da ake cewa ba su da mai su, ba a nema ba ne kawai.

Ka fara da takardar da ke hannunka. Duba bango, da bayan shafin farko, da gabatarwa, da shafin ƙarshe. Idan rubutun ajami ne ko na Larabci, duba ƙarshensa, inda masu kwafa sukan sa sunansu da ranar da suka gama. Sai dai a kula, sunan da ke wurin sau da yawa na mai kwafa ne, ba na mawallafi ba. Idan hoton takarda aka ba ka wanda bangonsa ya yage, koma wurin wanda ya ba ka, ka tambaye shi daga wane littafi aka ɗauko.

Sai ka duba ko hukuma ce ta fitar da takardar. Rahoton da ke ɗauke da tambarin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko na wata ma'aikatar Jihar Jigawa, ko na majalisar masarauta, ba marar marubuci ba ne. Hukumar ita ce marubuciya, sunanta ake sawa a gurbin sunan mutum. Da wannan kaɗai an warware matsaloli masu yawa.

Daga nan ka ɗauki kalma shida ko bakwai a jere daga cikin maganar, ka sa su tsakanin alamar zancen wani, ka nema a Google Books ko Google Scholar. Abin da kake nema shi ne wuri mafi tsufa da maganar ta fito a rubuce, ba wurin da aka fi yaɗa ta ba. A ƙarshe ka tambayi ma'aikacin ɗakin karatu da malamin da ke duba aikinka. Idan duk an yi wannan ba a samu suna ba, to yanzu kana da damar rubuta cewa ba a san mawallafi ba.

Darasi daga Tarihin Kano

Babu misalin da ya fi dacewa da mu kamar littafin nan da Turawa suke kira Kano Chronicle, mu kuma muke kira Tarihin Kano. Da wuya ɗalibi ya yi rubutu a kan zuwan Musulunci ƙasar Hausa, ko dangantakar Gumel da maƙwabtanta, bai taɓo shi ba. An rubuta shi da Larabci, ya jero sarakunan Kano 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, kuma mawallafinsa bai sa sunansa ba. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a mujallar Royal Anthropological Institute ta Landan a 1908, ya sake saka shi cikin Sudanese Memoirs a 1928. Fassarar Hausa kuwa tana cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya fito daga Zariya a 1933 a ƙarƙashin kulawar Rupert East.

Manyan masana sun yi ta cigiyar mawallafin. Murray Last ya yi rubutu a kan littafin a 1980, John Hunwick kuma ya fitar da maƙala sukutum a 1994 a kan tambayar wa ya rubuta shi. Sunan da aka fi karkata gare shi shi ne na Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki a fadar Kano a zamanin Muhammadu Bello. Amma har yau hasashe ne mai ƙarfi, ba tabbaci ba, kuma masanan da kansu haka suke gabatar da shi.

To mu ɗauka ɗaliba ce daga Gagarawa take son kawo maganar da littafin ya yi cewa Wangarawa sun zo Kano daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji. Idan ta rubuta "Palmer ya ce", ta bai wa mafassari maganar da ba tasa ba. Idan ta rubuta "Ɗan Rimi Barka ya ce", ta mayar da zato yaƙini. Idan ta rubuta "tarihi ya nuna", ta rufe wa mai karatu ƙofa. Abin da ya dace ta rubuta shi ne: Tarihin Kano, wanda ba a tabbatar da mawallafinsa ba, ya kawo cewa kaza da kaza, kamar yadda yake a fassarar Palmer ta 1908, shafi kaza. Da wannan jimla guda ta faɗi sunan aikin, ta faɗi matsayin mawallafi, ta faɗi hannun da ta karɓa daga gare shi.

Akwai wani tarko a nan da ɗalibai da yawa suke faɗawa. Littafin yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado yake bayarwa. Shekarun da muka haddace, irin su 999 ga Bagauda, da 1349 zuwa 1385 ga Yaji, da 1463 zuwa 1499 ga Muhammadu Rumfa, lissafin Palmer ne, ya ƙirgo su ne baya-baya daga zamanin da aka sani. Saboda haka a shafi guda akwai dukiyar mutum biyu. Labarin na mawallafin da ba a sani ba ne, shekarun kuwa na Palmer ne, kuma a nan ne ya dace ɗaliba ta ce "bisa lissafin Palmer".

Me ya sa za a wahala haka? Saboda akwai wani tsohon rubutun Larabci, shi ma ba a san mawallafinsa ba, mai suna Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta a wajejen 1650, Muhammad al-Hajj ya buga shi a mujallar Kano Studies a 1968. Shi wannan ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Rumfa ne, wato wajen shekara ɗari bayan Yaji. Littattafai biyu marasa sunan mawallafi, sun saɓa wa juna a kan magana guda. Wanda ya rubuta "tarihi ya nuna" ya ɓoye wannan saɓani gaba ɗaya. Wanda ya ambaci sunan aikin kuwa ya bai wa mai karatu damar ya auna da kansa.

Yadda ake rubuta shi a takarda

Yawancin sassan ilimi a manyan makarantunmu tsarin APA suke bi, kuma bugu na 7 shi ne na yanzu. Ka fara duba littafin ƙa'idar sashenku, domin shi ne alƙali. Amma ga abin da tsarin ya tanada.

Idan babu sunan marubuci, sunan aikin ne yake hawa gurbinsa, a cikin rubutu da kuma a manazarta, sai shekara, sai shafi. A manazarta ana jera shi bisa harafin farko na kalma mai ma'ana ta farko a sunan. Ga yadda misalinmu zai fito ga mai rubutu da Turanci, layin farko a cikin rubutu, na biyu a manazarta:

```
("The Kano Chronicle," 1908, p. __)
The Kano chronicle (H. R. Palmer, Trans.). (1908). The Journal of the Royal Anthropological Institute of Great Britain and Ireland, 38, 58–98.
```

A lura, sunan Palmer yana nan, amma a mazaunin mafassari. A gurbin da aka bari kuwa, lambar shafin da ka karanta da idonka za ka sa, ba wadda ka gani a kundin wani ba.

Kalmar Anonymous, wadda ɗalibai suke son liƙa wa duk abin da ba su san mai shi ba, tana da iyaka. A wannan tsari ba a sa ta sai idan aikin da kansa haka aka sa masa hannu. Idan shekara ce babu, ana rubuta n.d. a gurbinta, mai rubutu da Hausa kuma ya bi taƙaitawar da sashensu ya amince da ita. Kada ka ƙiyasta shekara ka rubuta ta kamar ka gani. Idan takardar ba ta da lambar shafi, sai ka ba da lambar sakin layi ko sunan sashe. Maganar da ba ta kai kalma 40 ba tana shiga cikin layi tsakanin alamar zancen wani. Wadda ta kai 40 ko ta wuce, ana ware ta a sakin layi nata, a tura ta ciki kaɗan, ba tare da alamar ba.

Saura yanayin da aka fi cin karo da shi: ka ga maganar a littafin wani, shi ma ya ce daga wani wuri ya ɗauko, kai kuma ba ka sami asalin ba. A nan sai ka faɗi duka biyun, wato asalin da aka ambata, da littafin da ka gan ta a ciki. Masu Turanci sukan haɗa su da kalmomin as cited in, mai Hausa kuma ya ce "kamar yadda wane ya kawo". A manazarta littafin da ka riƙe da hannunka kaɗai za ka sa. Idan marubucin da kansa cewa ya yi "wani malami ya ce", kai ma haka za ka kawo: wane ya ruwaito daga wani malami da bai ambaci sunansa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun daɗe da ware ruwayar da ke da mutumin da ba a sani ba a cikin isnadinta, su kira shi majhuli, ba sa cike gurbinsa da sunan da ya yi musu daɗi.

Karin magana, kirari da maganar dattawa

Babban rabon abin da ɗaliban wannan yanki suke nazari ba a rubuce yake ba. Mai bincike a kan kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, zai ji zantukan dillalai da fatake daga ɓangarorin iyaka biyu. Mai nazarin sarautun Lautai zai ji kirari a bakin maroƙa. Mai nazarin waƙoƙin daɓe ko na niƙa a ƙauyukan Sule Tankarkar zai ji baitocin da matan da suke rera su ma a bakin iyayensu suka tsince su.

Karin magana na kowa ne. Idan ka kawo shi don ƙawata zance, "Hausawa na cewa" ya wadatar. Amma idan shi ne abin nazarin, dole ka faɗi inda ka samo lafazin da ka rubuta, domin lafazi yana sauyawa daga gari zuwa gari. Idan daga littafi ne, irin Hausa Ba Dabo Ba Ne na Kirk-Greene na 1966, sai ka ce karin maganar Hausa ne kamar yadda ya zo a wannan littafi, shafi kaza. Kirk-Greene tattarawa ya yi, bai ƙaga ko ɗaya ba. Haka Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965: shi edita ne kuma mafassari, waƙar ba tasa ba ce.

Idan kuwa daga baki ka ji, to wanda ya faɗa maka shi ne madogararka. Tun kana wurin ka rubuta sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da garin da kuka zauna, da ranar, sa'annan ka yi masa tambaya guda da ake yawan mantawa: "Baba, a wurin wa kuka ji wannan?" Amsarsa tana iya kai ka ga mai maganar, ko ta tabbatar maka cewa gadon gari ce. A kundin sai ka rubuta, alal misali, cewa kirarin na gargajiya ne, ba a san wanda ya fara yin sa ba, an ɗauko shi daga bakin wani maroƙi a Gumel ranar kaza. Sassan Hausa da na Tarihi sukan buƙaci jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshen kundi. Tsarin APA kuwa yana barin irin wannan bayani a cikin rubutu, ba ya kai shi manazarta, tunda mai karatu ba zai iya zuwa ɗakin karatu ya ɗauko hirar ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Wanda ba a san sunansa ba daban, wanda aka sakaya sunansa daban. Dillalin da ya gaya maka yadda ake bi da dabbobi ta bayan shinge, ya ce kada ka ambace shi, ka san shi sarai, amana ce ta hana ka faɗa. Sai ka rubuta "wani dillali a Maigatari da ya nemi a sakaya sunansa", tare da ranar hirar, ka kuma adana rikodin ko littafin da ka rubuta a ciki, ko da malaminka zai nema.

Iyakar abin da irin wannan magana za ta iya ɗauka

Ambaton madogara daidai bai mayar da magana gaskiya ba. Maganar da ba a san mai ita ba tana iya zama shaidar abin da mutane suke faɗa, ko abin da wani tsohon rubutu ya ƙunsa, amma ba ta isa ta ɗauki nauyin adadi ita kaɗai ba. Idan wata takarda marar suna da kwanan wata ta ce ana sayar da shanu dubu kaza a Maigatari kowane mako, kada jami'i ya ɗora rahoton haraji a kanta. Ya nemi rasit na kasuwa, ko bayanan sashen kula da dabbobi, ko ya je ya ƙirga da kansa. Idan dole ne ya kawo adadin, ya faɗa a fili cewa daga takardar da ba a san marubucinta ba ne, kuma ba a tabbatar ba.

Kada kuma a zaci mai duba aiki ba ya ganewa. Yakan ga salon rubutu ya sauya kwatsam, daga jimlolin ɗalibi masu tuntuɓe zuwa sakin layi sumul. Yakan ga suna a cikin rubutu wanda babu shi a manazarta. Yakan ga an jingina wa mutum littafi a shekarar da bai kai ga fara rubutu ba. Manhajar Turnitin tana kama kalmomin da suka yi daidai da na wani wuri, amma abin da ya fi kama ɗalibi shi ne tambayar ranar kare kundi: "Kawo littafin mu gani." Wanda ya ƙaga suna ba shi da abin kawowa. Wanda ya rubuta cewa ba a san mawallafi ba, ga inda ya samu, sai ya buɗe jaka ya miƙa.

Don haka ɗalibai, tun ranar da kuka fara tattara bayanai ku ware littafi guda, duk maganar da kuka kwafa ku rubuta a gefenta inda kuka gan ta, da shafi, da rana. Malamai masu duba kundi, ku daina tilasta wa yara kawo suna da shekara ga kowace jimla ba tare da nuna musu yadda ake yi da marar suna ba, domin wannan matsin shi yake haifar da sunayen ƙarya. Masu shagunan buga takardu, kada ku cike wa kowa gurbin manazarta daga tsohon kundin da ke cikin na'urarku. Rubuta "ba a san mawallafi ba" ba ya rage wa kowa maki. Ƙaga suna kuwa yana iya jawo a soke kundin baki ɗaya.